Zaren Igiyar Takalmi: Yadda Ake Hana Diddige Zamewa, a Sassauta wa Yatsu da Doron Ƙafa

Yawancin masu sa takalmi mai igiya abu biyu kawai suka sani: a ja igiya ta matse, ko a sake ta ta yi sako-sako. Idan diddige yana ɗagawa sai a ƙara ja, idan saman ƙafa ya fara zafi sai a sassauta, diddigen kuma ya koma gidan jiya. Abin da ke haddasa wannan kai-komo shi ne ƙafa ba siffa ɗaya take ba daga yatsu zuwa idon sawu. Akwai wurin da take son riƙo mai ƙarfi, akwai wurin da ba ta jure dannawa ko kaɗan. Aikin zaren igiya shi ne ɗauke matsi daga inda yake cutarwa a mayar da shi inda ƙafa za ta iya ɗauka.

Kafin a shiga matakai, a daidaita suna. Ramukan da igiya ke bi suna zuwa ne biyu-biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane biyu za mu kira su layi. Ƙirga yana farawa daga wajen yatsu: layi na 1 shi ne na ƙasa, na ƙarshe shi ne na kusa da idon sawu. Gefen ciki shi ne ɓangaren babban yatsa, gefen waje na ƙaramin yatsa. Doron ƙafa kuwa shi ne tudun nan na saman ƙafa, tsakanin yatsu da idon sawu, inda harshen takalmi ke kwanciya. Kambas na gudu galibi yana da layi 6 da ƙarin rami ɗaya a kowane gefe can sama, wanda ya ɗan ja baya ya kauce wa jerin sauran. Mutane da yawa suna barin wannan rami haka nan, suna zaton ado ne, alhali shi ne mafi amfani ga mai matsalar diddige.

Fara gano ainihin abin da ke faruwa

Matsalolin nan uku, zamewar diddige, matsin yatsu da zafin doron ƙafa, sau da yawa tushensu ɗaya ne. Idan diddige bai zauna daram ba, ƙafa tana zamewa gaba a kowane taku, yatsu su riƙa dukan hancin takalmi. Mai takalmin sai ya ɗauka takalmin ya yi masa kaɗan, ko ya ja igiyar da ƙarfi tun daga ƙasa har sama, nan kuma doron ƙafa ya ɗauki wahalar. Don haka kada a fara gyaran yatsu sai an tabbatar diddige ba ya motsi.

Gwajin ba shi da wuya. Ka sa safar da ka saba sawa da wannan takalmin, ka ɗaure yadda ka saba, ka tsaya a kan yatsu sau biyar. Idan ka ji diddige yana ɗagawa ya bar takalmin a ƙasa, ga matsala ta farko. Sannan ka sauka daga matakala ko wata gangara. Idan a nan ne kawai yatsu ke taɓa gaba, zamewa ce. Idan ko a tsaye cik ana danna farce daga sama, ko ana matse yatsu daga gefe, wannan wani abu ne dabam. Daga ƙarshe ka cire takalmin da safar bayan tafiyar minti ashirin ka dubi saman ƙafarka: shatin igiya da ya fito ja a wuri guda yana nuna maka daidai inda za a buɗe. Ka yi gwajin da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yini ana tsaye ko tafiya, musamman a lokacin zafi.

Kulle diddige

Wannan ɗauri shi ne tushe, shi ya sa za mu daɗe a kansa. Ka zare igiya gicciye kamar yadda aka saba har zuwa layin da ke kafin na ƙarshe, wato na 6 a takalmi mai layi 7. Ka tabbata igiyar ta fito daga cikin ramin zuwa waje. Daga nan:

1. Kada ka gicciya. Ka ɗauki bakin igiyar dama ka zura shi a rami na 7 na wannan gefen na dama, daga waje zuwa ciki. Kada ka ja har ƙarshe, ka bar ɗan kunne a waje wanda yatsa ɗaya zai shiga.
2. Ka yi haka a hagu. Yanzu kana da kunne biyu a waje, bakunan igiyar kuma suna ciki, a kan harshen takalmi.
3. Ka gicciya bakunan. Na dama ya shiga kunnen hagu, na hagu ya shiga kunnen dama.
4. Ka ɗaga yatsu sama, ka buga diddige a ƙasa sau biyu don ya koma can ƙarshen takalmin.
5. Ka ja bakunan biyu ƙasa da gefe, wajen tafin takalmi, har kunnuwan su kwanta su lafe. Sai ka ɗago su sama ka ƙulla.

Mataki na 4 da na 5 su ne inda ake yawan kuskure. Wanda ya ɗaure alhali ƙafarsa ta riga ta zame gaba, ya kulle ta ne a wurin da bai dace ba, kuma zai ce dabarar ba ta aiki. Wanda kuma ya ja igiyar sama kai tsaye, kunnuwan za su tsaya a buɗe, da ya yi taku hamsin sai su saki abin da suka riƙe. Jan ƙasa ne ke tsuke su.

Dalilin da ya sa yake riƙewa abu biyu ne. Na farko, rami na 7 yana can baya kusa da idon sawu, saboda haka jan da ya bi ta cikinsa yana tattaro wuyan takalmin ya rungumi ƙafa a saman ƙashin diddige, inda ƙafar ta tsuke. Diddige ya fi wannan wuri faɗi, don haka ba ya samun hanyar fita. Na biyu, igiya tana gogar igiya a cikin kunnen, wannan gogayya tana hana matsin sama ya gangara ƙasa. Ma'ana kana iya barin layukan ƙasa da sauƙi, sama kuma a ɗaure tamau, ɗaya bai shafi ɗaya ba. Zaren gicciye na yau da kullum ba ya iya wannan, domin da tafiya ta yi nisa matsin yana rarrabuwa ya daidaita ko'ina.

Iyakar jan da ya kamata: bayan ka ƙulla, ka lanƙwasa gwiwa gaba kamar za ka tsuguna. Akwai wata kakkaurar jijiya a gaban idon sawu da ke tasowa idan ka ɗaga yatsu sama. Idan ƙullin yana yankar ta, ka wuce gona da iri. Ya kamata ɗan yatsa ya iya kutsawa ƙarƙashin ƙullin da ɗan ƙoƙari. Matse wannan jijiya na kwanaki yana kawo kumburi da zafi da kan daɗe bai tafi ba, kuma ba ciniki ba ne a sayar da bororon diddige a sayi ciwon jijiya.

Wannan ɗauri yana cin igiya, kusan santimita 5 zuwa 8 a kowane gefe gwargwadon takalmin. Idan abin da ya rage bai kai ƙulli mai kyau ba, ka nemi wadda ta fi tsawo. A ƙiyasi, takalmi mai layi 5 zuwa 6 yana zuwa da igiyar santimita 100 zuwa 115, mai layi 7 kuma 120 zuwa 140. Ka auna tsohuwar ka ƙara santimita 15, ya wadatar.

Takalmin da ba shi da wannan ƙarin ramin ma ana yi masa, a yi amfani da layuka biyu na ƙarshe. Riƙon bai kai na mai ramin baya ba, amma ya fi babu. Idan takalmin fata ne mai sarari a wuya, shumeka zai iya huda maka sabon rami kamar santimita ɗaya da rabi a bayan na ƙarshe, ɗan ƙasa kaɗan. A bar aƙalla santimita ɗaya tsakanin ramin da bakin fatar, in ba haka ba zai yage.

But mai dogon wuya, irin na masu aikin gini, jami'an tsaro ko masu yi wa ƙasa hidima, nasa ya ɗan bambanta. A nan wurin da ke riƙe diddige shi ne lanƙwasar idon sawu, inda ƙafa ta haɗu da ƙwauri. Da ka zo wannan wuri, ka naɗe igiyoyin biyu da juna sau biyu, kamar farkon ƙulli amma da ƙarin zagaye ɗaya, ka ja sosai, ka wuce rami ko ƙugiya ta gaba, ka sake yin haka sau ɗaya. Naɗin biyu ba ya warwarewa da kansa, don haka yana raba but ɗin gida biyu: ƙasa da nata matsin, sama da nata. Sabon but mai taurin tafi yakan ɗan ɗaga a diddige, kamar rabin santimita, har sai tafin ya saba lanƙwasa. Wannan ba laifi ba ne, kada a nemi kashe shi da ƙarfin igiya.

Akwai abu guda da igiya ba ta gyarawa, kuma ya zama ruwan dare a wajenmu. Mai cire takalmi sau da yawa a yini, don alwala, shiga masallaci ko shiga ɗaki, yakan gaji da kwancewa. Sai ya riƙa taka bayan takalmin da ɗaya ƙafar ya zare, ya kuma tura ƙafa da ƙarfi idan zai mayar. A cikin bayan takalmi akwai wani tauraren abu mai siffar kofi da ke riƙe diddige, kuma wannan ɗabi'a tana karya shi. Ka matsa bayan takalmin da yatsu biyu: idan ya lotse kamar tsumma, marikin ya mutu, kulle diddige ba zai yi wani tasiri ba. A duba wannan sosai kafin a sayi takalmin gwanjo. Abin da ya fi shi ne a kwance ƙullin, a sassauta kunnuwan biyu kawai, ƙafa za ta fita ba tare da an taɓa sauran layukan ba.

Matsin yatsu

Idan an kulle diddige yatsu suka daina dukan gaba, an gama. Idan ba su daina ba, a duba daga ina matsin yake zuwa.

Wanda ake dannawa daga sama, galibi a kan farcen babban yatsa, har farcen ya yi baƙi saboda jinin da ya taru a ƙarƙashinsa, zaren karkace ne maganinsa. Manufarsa a samu igiya guda da za ta tafi kai tsaye daga ramin da ke kan babban yatsa zuwa sama, ta yadda idan aka ja ta, za ta ɗaga rufin takalmin daga kan farcen. Ka cire igiyar gaba ɗaya. Ka zura bakunanta biyu a layi na 1 daga waje zuwa ciki, sanda guda ta kwanta a sama. Bakin da ya shiga ramin gefen ciki, ka kai shi a karkace ta kan harshe har rami na ƙarshe na gefen waje, ya fito daga ciki zuwa waje. Ka bar masa abin ƙulli kamar santimita 25, ka janye sauran tsawon duka zuwa ɗaya bakin. Wannan dogon bakin, wanda ke ƙarƙashin rami na 1 na gefen waje, shi zai yi sauran aikin shi kaɗai: ya tafi a karkace ya fito ta rami na 2 na gefen ciki, ya tsallaka a miƙe ta sama ya shiga na 2 na gefen waje, ya sake karkacewa ya fito ta na 3 na ciki, haka har ya fito ta ramin ƙarshe na gefen ciki. Takalmin hagu da na dama kishiyar juna za su kasance, domin babban yatsa ba a gefe ɗaya yake ba. Masu yawa suna zare su iri ɗaya, sai ƙafa guda ta samu sauƙi, ɗayar kuma a ɗaga mata wajen ƙaramin yatsa.

Wajen ɗaurewa, ka fara daidaita dogon bakin layi-layi daga ƙasa, sannan ka ja gajeren a ƙarshe kana kallon hancin takalmin yana ɗan tashi. Aibin wannan zare shi ne bakunan suna sauya tsawo da kwanaki, ɗaya ya yi ta tsawo ɗaya ya yi ta gajarta, sai an riƙa daidaitawa. Kuma a takalmin fata mai taurin hanci, ko but mai ƙarfe a gaba, babu abin da zai ɗaga. A kambas mai laushin rufi ne yake aiki. A haɗa da yanke farce a miƙe, kada ya zarce naman yatsa.

Wanda kuma ake matsewa daga gefe, a faɗin ƙafa inda yatsu suka tsiro, musamman mai ƙashin da ya turo a gindin babban yatsa, gyaransa ya fi sauƙi: a bar layi na 1 babu igiya, a fara daga na 2. Sandar farko ita ce ke ƙayyade iyakar buɗewar gaban takalmi, da an cire ta rufin zai saki. Idan ƙafar mai faɗin gaba ce da siririn diddige, ana iya sa gajerun igiyoyi biyu a takalmi ɗaya, ta ƙasa ta ɗauki layi 3 na farko a ɗaure ta da sauƙi, ta sama ta ɗauki sauran a ɗaure da ƙarfi. Ba shi da kyan gani sosai, amma yana raba matsin fiye da kowace dabara.

Doron ƙafa mai tudu

Saman ƙafa ba shi da tsoka mai kauri da za ta kare shi. Fata ce a kan ƙashi, da jijiyoyin da ke ɗaga yatsu, da jijiyoyin ji, da hanyar jini, duka a kusa da fata. Mai doro mai tudu, igiya tana gicciyawa daidai kan ƙololuwar, kuma wurin da igiya biyu suka hau juna ya fi ko'ina dannawa. Alamominsa su ne zafi a wuri guda, yatsu su riƙa yi kamar ana tsira musu allura, ko su mutu ba a jin su, da an kwance igiya kuma abin ya lafa cikin mintuna.

Idan zafin a wuri guda yake, a buɗe masa taga. Ka nemo wurin da yatsa, ka shafa alli a kan safa daidai nan, ka sa takalmin ka ɗaure, ka cire. Allin zai bar shaida a cikin harshen takalmi, ka ga tsakanin layukan da ya faɗa. A ce tsakanin na 3 da na 4 ne. Ka zare gicciye har igiya ta fito ta rami na 3. A nan kada ka tsallaka, kowane baki ya hau a gefensa ya shiga rami na 4 daga waje zuwa ciki. Daga na 4 ka ci gaba da gicciye zuwa na 5. Gicciye ɗaya ya ɓace, kuma shi ne wanda ke kan ciwon. Idan tudun dogo ne, ana iya hawa layi biyu a gefe, amma kada a wuce haka, domin tsakiyar takalmin za ta saki, ƙafa ta riƙa juyawa a ciki, harshen kuma ya zame gefe. Idan harshen yana da ɗan madaukin da igiya ke bi a tsakiyarsa kuma ya faɗa cikin tagar, ka sa ido a kan harshen, ka miƙar da shi duk lokacin ɗauri.

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe tagar a layin da ba shi ba, da hasashe. Idan ta kauce da layi ɗaya, gicciyen da ke bakin tagar zai sauka kan ciwon, kuma yanzu ya fi da nauyi, saboda yana ɗauke da aikin wanda aka cire. In ka ji zafin ya ƙaru, ka matsar da tagar, ba dabarar ce ta gaza ba.

Idan kuwa saman ƙafar ne gaba ɗaya ke jin matsi, zaren sanduna ya fi dacewa, inda igiya ke kwanciya a miƙe layi-layi babu mai hawa wata. Masu gudu suna danganta shi da Arthur Lydiard, kocin gudu ɗan ƙasar Niyu Zilan, wanda ya riƙa ba 'yan wasansa shawarar yin sa. Ga yadda yake a layi 6. Bakuna biyu su shiga layi na 1 daga waje zuwa ciki. Bakin hagu ya hau ta ciki a gefensa ya fito ta na 2, ya tsallaka ya shiga na 2 na dama. Bakin dama ya hau ta ciki, ya tsallake na 2, ya fito ta na 3, ya tsallaka ya shiga na 3 na hagu. Daga nan kowane baki yana hawa ta ciki yana tsallake rami ɗaya: wanda ke na 2 na dama ya fito ta na 4 ya tsallaka hagu, wanda ke na 3 na hagu ya fito ta na 5 ya tsallaka dama. A ƙarshe na hagu ya hau daga 4 ya fito ta 6, na dama ya hau daga 5 ya fito ta 6. Wannan zare yana son adadin layi mai rabuwa biyu, 4 ko 6 ko 8. A layi 5 ko 7 bakunan za su ƙare a gefe ɗaya, sai a bar layi guda babu igiya, kuma wanda ya fi dacewa a bari shi ne na kan tudun. Sai dai jan sa yana da ɗan wahala, dole a bi sanda-sanda daga ƙasa, kuma a duba igiyar da ke ɓoye ta ciki kada ta murɗe ta zama ita ce mai gugar ƙafa.

A sau-cikin fata na ofis, ƙirar takalmin tana da nata hukunci. Akwai wanda ɓangarorin ramukansa aka ɗinke su a ƙasa suka haɗe, ba sa buɗewa sai ta sama, akwai kuma wanda ɓangarorin suke kamar fukafukai a kan rufin, suna buɗewa har ƙasa. Mai doro mai tudu ya nemi na biyun. Na farkon ko an zare shi da sanduna, bakinsa zai tsaya a wage, ɗinkin ƙasan kuma ya ci gaba da danna ƙafa.

Idan matsalolin sun haɗu a ƙafa ɗaya

A ɗauki mai tafiyar motsa jiki da safe, kambas ɗinsa mai layi 7, igiya santimita 120. Bayan kilomita uku yatsun ƙafar dama suna mutuwa, akwai jan shati a doron ƙafa, farcen babban yatsa yana zafi a gangara, bayan safarsa kuma ya fara cinyewa. Cinyewar safa a diddige shaida ce ta gogayya, wato diddige yana hawa yana sauka. Tun asali doronsa ne mai tudu, ya hana shi jan igiya yadda za ta riƙe wuyan takalmin, ƙafar ta riƙa zamewa, shi kuma ya rama da ƙara ja a tsakiya.

Alli ya nuna ciwon yana tsakanin layi na 3 da na 4. Zaren zai kasance haka: gicciye daga 1 zuwa 3, hawa a gefe daga 3 zuwa 4, gicciye daga 4 zuwa 6, kunne daga 6 zuwa 7, a gicciya cikin kunnuwa a ƙulla. Tagar ta rage cin igiya da 'yan santimita a kowane gefe, domin hawa a miƙe ya fi tsallakawa gajarta, saboda haka ta biya wani ɓangare na abin da kunnuwan suka ci, kuma sau da yawa igiyar 120 ɗin za ta isa. Wajen ja, layi na 1 da na 2 a cire musu sako-sako kawai, na 5 da na 6 a ja matsakaici, kunnuwa a ja sosai. Ba a taɓa zaren karkace ba tukuna, domin ana sa ran zafin farcen zai tafi da zarar zamewar ta tsaya. Ya yi tafiyar minti goma, ya tsaya ya sake ɗaurewa, saboda sabon zare yana zama ya saki kaɗan. Idan bayan kwana uku farcen bai huta ba, sai a koma ga tsawon takalmin. Ƙafar hagu kuwa, in ba ta da ƙorafi, kulle diddige kaɗai ya ishe ta. Ba dole ne ƙafa biyu su sha zare iri ɗaya ba, da ma ba girmansu ɗaya cif ba.

Ƙulli da irin igiya

Duk wannan aiki yana rushewa idan ƙullin yana sassautawa a hanya. Ka dubi ƙullinka: idan kunnuwansa sun kwanta a faɗin takalmi, ɗaya dama ɗaya hagu, daidai ne. Idan sun juya sun miƙe, ɗaya wajen yatsu ɗaya wajen ƙwauri, ƙulli ne mai rauni, wanda aka yi matakinsa na farko da na biyu ta fuska ɗaya. Gyaransa a sauya matakin farko kawai: in ka saba ɗora dama a kan hagu, ka ɗora hagu a kan dama, sauran ka yi yadda hannunka ya saba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun nuna cewa dukan ƙafa a ƙasa ne ke sassauta ƙulli, lilon ƙafa kuma ya ja bakunan, kuma mai raunin ya fi saurin kwancewa. Igiya mai faɗi ta fi riƙe ƙulli, ta kuma fi shimfiɗa matsi a doron ƙafa fiye da siririya mulmulalliya mai santsi. Idan bakin igiyar ya tarwatse ya ƙi shiga rami, a naɗe shi da salatif, ta roba kuma a ɗan nuna mata wutar ashana.

Inda igiya ta tsaya

Ka ciro shimfiɗar cikin takalmin, in tana fita, ka taka ta a tsaye. Ya kamata a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakinta, kuma ba kullum babban yatsa ne ya fi tsawo ba. Idan babu wannan sarari, ko ƙafar ta malalo ta gefe, takalmin ya yi kaɗan, babu zaren da zai ƙara masa tsawo. Idan kuma ka ja igiya har ɓangarorin ramuka suka haɗe amma ƙafa tana yawo, takalmin ya yi zurfi. A nan a liƙa ɗan soso ko kakkauran ƙyalle mai kaurin milimita 3 zuwa 5 a ƙarƙashin harshe, ya tura ƙafar baya, ya fi cusa takarda a hanci, wadda yatsu ne za su sha wahalarta.

Mutuwar yatsu da ba ta tafiya bayan an cire takalmi, ko ƙullutun da ke girma a doron ƙafa, na likita ne. Mai ciwon suga kuwa ya yi hattara ta musamman: jin ƙafarsa yana iya raguwa, igiya ta yanke shi ko bororo ya fashe bai sani ba. Shi kada ya dogara da jin zafi wajen gane matsi. Duk lokacin da ya sauya zare, ya cire takalmi da safa bayan rabin awa, ya duba doron ƙafa, diddige da tsakanin yatsu da idonsa, kuma jan shatin da bai ɓace ba ya kai shi asibiti a duba.